Wake, Ƙuduji da Lissafin Uku-da-Ɗaya: Yadda Ake Auna Sakamakon Barbara da Gwajin Kai-sikwaya

 

Duk wanda ya taɓa noman wake a jigawar da ta gaji, ko ta wajen Nangere ce ko ta hanyar Fika, ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Wake zai tsiro lafiya, ya fara yaɗo, sai kawai a ga ganyensa yana ɗashewa, jikinsa ya tsumbure. Bayan 'yan makonni wani ɗan tsiro mai fure shuɗi-shuɗi ya leƙo a gindinsa. Kafin ya leƙo ɗin ya riga ya gama ɓarna a ƙarƙashin ƙasa, domin ya kafa bakinsa a saiwar waken yana zuƙe ruwa da abinci. Irinsa kamar ƙura yake, kuma yana iya shekaru a cikin ƙasa yana jiran saiwar wake ta zo kusa. Noma ba ya kashe shi, tunda lokacin da fartanya za ta gan shi aikin gama ya gama.

Maganin da ya fi araha ga talaka shi ne irin waken da ƙudujin ba ya iya kamawa. An kuwa samu irin wannan wake, wani na gargajiya daga ƙasar Botsuwana da masu bincike suka yi wa lamba B301. Matsalarsa ita ce ƙwayarsa ƙanana ce, ba irin wadda za a kai kasuwar hatsi a yi rububinta ba. Dole a yi barbararsa da wake mai kyau, a ɗauko juriyar a bar sauran halayensa. Kafin a shiga wannan aiki na shekaru, mai kiwon iri yana bukatar amsar tambaya guda: ƙwayar gado nawa ce ke ɗauke da juriyar nan? Idan guda ce, aikin mai sauƙi ne. Idan suna da yawa, sai a shirya wa doguwar tafiya.

Masana biyu, B. B. Singh na cibiyar IITA da A. M. Emechebe na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, su ne suka amsa ta a wata takarda da suka wallafa a 1990. Sun haɗa B301 da waken da ƙuduji ke kamawa. 'Ya'yan farko, waɗanda ake rubutawa F1, duk suka fito da juriya. Da aka bar waɗannan suka haifi nasu, wato jikoki ko F2, sai aka ga sun rabu kashi uku masu juriya, kashi ɗaya marasa ita. Hukuncinsu shi ne ƙwayar gado guda ce, mai rinjaye. Daga zuriyar B301 ne aka samu IT97K-499-35, wanda aka saki ga manoman Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10.

To, abin da wannan lacca za ta tsaya a kai shi ne waccan magana ta "uku da ɗaya". Babu gonar gwajin da ke ba da uku da ɗaya cif-cif, sai dai bisa katari. Mutum ya ƙirga ya samu wani abu kusa da haka. Wa zai ce kusan ya isa?

Asalin lissafin a taƙaice yake. Kowane tsiron wake yana ɗauke da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, ɗaya daga ɓangaren uwa, ɗaya daga ɓangaren uba. A kira ta juriya R, ta rashin juriya r. B301 yana da RR, ɗaya waken yana da rr, 'ya'yansu duk Rr ne, kuma tunda R ke rinjaye, duk suna da juriya. Wake yana barbarar kansa da kansa a cikin furensa, saboda haka jika zai karɓi R ko r daga kowane ɓangare, kamar an yi ƙuri'a. Hanyoyi huɗu ne: RR, Rr, rR, rr. Uku na farko suna da juriya, na ƙarshe ne kawai ƙuduji zai ci. Wannan shi ne abin da Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yau, ya gano a jikin waken Turawa, ya wallafa a 1866. Shi kansa bai samu uku da ɗaya daidai ba. A gwajinsa na siffar ƙwaya ya ƙirga masu santsi 5,474 da masu yamutsi 1,850, alhali lissafi yana cewa 5,493 da 1,831.

Kowa zai iya ganin dalilin da idonsa a gida. A auna farin wake gwangwani uku da jan wake gwangwani ɗaya masu girman ƙwaya iri ɗaya, a juye a jaka, a girgiza sosai. A sa yaro ya rufe ido ya zaro ƙwaya 20, a rubuta, a mayar, a sake. Wani zubin 15 da 5, wani 17 da 3, wani 13 da 7. Jakar ba ta canza ba, amma 15 da 5 cif yana fitowa ne kimanin sau ɗaya kacal cikin biyar. Sauran huɗun duk kaucewa ce, kuma ba laifin kowa ba ne. Ke nan tambayar da ta dace ita ce: kaucewar da aka gani tana cikin irin wadda sa'a kaɗai ke kawowa, ko ta wuce gona da iri?

Karl Pearson, wani masanin lissafi a Landan, shi ya kawo ma'aunin a 1900. Ana kiransa gwajin kai-sikwaya, ana rubuta shi haka:

```
χ² = Σ (O − E)² / E
```

Harafin O shi ne adadin da aka ƙirga, E adadin da ake tsammani idan dokar Mendel ta yi aiki, alamar Σ kuma tana nufin a yi wa kowane rukuni nasa sannan a tara.

A ƙaddara wata ɗaliba ce a sashen aikin gona na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin Potiskum take aikin kammala karatu. Alƙaluman da za su biyo na misali ne, don a ga yadda hannu ke tafiya. Ta samu irin F2 na barbarar B301 da waken da ƙuduji ke kamawa, ta cika robobi 200 da ƙasa mai yashi da aka cakuɗa da irin ƙuduji, ta shuka ƙwaya ɗaya a kowace roba. Bayan kamar mako goma ta juye robobin ɗaya bayan ɗaya, ta wanke saiwa a bokitin ruwa, tana duban 'yan ƙululun da ƙuduji ke yi inda ya manne. Ta samu 160 tas babu komai, 40 da ƙuduji a jiki.

Kallon farko zai tayar mata da hankali, domin 160 da 40 huɗu da ɗaya ne. Sai ta zauna da biro. Idan uku da ɗaya ne, cikin 200 ana tsammanin 150 da 50. A rukunin masu juriya, 160 a cire 150 saura 10. Goma sau goma 100. A raba da 150, a samu 0.67. A rukunin marasa juriya, 40 a cire 50 ya ba da gibin 10, shi ma idan ya ninka kansa 100 ne. A raba da 50, a samu 2.00. Jimilla 2.67.

Akwai hikima a matakai biyun nan da ɗalibai ke haddacewa ba tare da sun tambaya ba. Ana ninka bambancin da kansa ne saboda rarar rukuni ɗaya kullum daidai take da gibin ɗayan, idan aka tara su haka nan sifiri za a samu ko da gwajin ya lalace. Ninkawar kuma tana sa babbar kaucewa ta yi nauyi fiye da ƙananan. Rabawa da E kuwa ita ke sa a auna kowace kaucewa da girman rukuninta. Ga shi nan a fili: tsiro goma ne a kowane ɓangare, amma goman da suka ɓace daga 50 sun kawo 2.00, goman da suka ƙaru a kan 150 sun kawo 0.67 kawai. Ƙaramin rukuni shi ne ke jan ragamar sakamako, saboda haka kuskuren ƙirga a cikinsa ya fi tsada.

Lamba 2.67 ita kaɗai ba ta ce komai ba sai an kai ta teburin kai-sikwaya. Kafin nan ana bukatar abin da ake kira adadin 'yanci, wanda a bayan littattafai ake rubutawa df. Tsiro 200 ne, rukuni biyu. Da zarar an ce masu juriya 160 ne, ɗayan ba shi da zaɓi, dole ya zama 40. Rukuni ɗaya ne ke da 'yancin motsi. A irin wannan gwaji ƙa'idar ita ce yawan rukuni a cire ɗaya. A layin 'yanci ɗaya, ƙarƙashin 0.05, teburi ya rubuta 3.84. Ma'anarsa, da za a yi ta maimaita gwajin da gaskiyarsa uku da ɗaya ce, sa'a kaɗai za ta haura da kai-sikwaya sama da 3.84 sau biyar ne cikin ɗari. Tunda 2.67 bai kai nan ba, ɗalibar ba ta da hujjar jefar da uku da ɗaya. Wanda ke da kwamfuta zai iya sa ƙirgen a A1 da A2, tsammanin a B1 da B2 na Excel, ya rubuta:

```
=CHISQ.TEST(A1:A2,B1:B2)
```

Zai ba shi kimanin 0.10, wato kaucewa irin wannan ko wadda ta fi ta tana faruwa kamar sau ɗaya cikin goma. Abin da ke aukuwa sau ɗaya cikin goma ba abin mamaki ba ne.

Yanzu a riƙe huɗu da ɗayan nan, a canza yawan robobi kawai. Da 20 ta shuka ta samu 16 da 4, tsammani 15 da 5 ne, kai-sikwaya 0.27, ko kusa da iyaka bai je ba. Da 400 ta shuka ta samu 320 da 80, tsammani 300 da 100 ne. Bambanci 20, ninkinsa 400. A raba da 300 a samu 1.33, a raba da 100 a samu 4.00, jimilla 5.33. Wannan ya haura 3.84, uku da ɗaya ya faɗi. Kashi 80 cikin ɗari ne a duka ukun, hukunci kuwa ya bambanta, domin abin da ake yafe wa tsiro 20 ba a yafe wa 400. Daga nan ake gane girman kuskuren masu mayar da ƙirge zuwa kashi cikin ɗari kafin su yi lissafi. Wanda ya sa 80 da 20 a madadin 320 da 80 ya mayar da robobi 400 sun koma 100, zai samu 1.33, ya ce komai lafiya, alhali gwajin yana ihu. Kai-sikwaya ainihin ƙirge yake ci, tsiro-tsiro.

A koma ga robobi 200 da suka tsallake. A nan ne mafi yawan rubuce-rubucen ɗalibai ke zamewa, su ce lissafi ya tabbatar da cewa ƙwayar gado guda ce. Bai tabbatar ba. Abin da ya ce shi ne ƙirgen bai ƙaryata wannan zato ba, kuma tsakanin maganganun biyu akwai tazara mai faɗi. A gwada wani zaton a kan alƙaluman nan: ƙwayoyin gado biyu, ɗaya mai rinjaye ɗaya mai laɓewa, kowace tana iya ba da juriya. Wannan tsari yana haifar da 13 da 3. Cikin 200 tsammaninsa 162.5 da 37.5 ne, kai-sikwayarsa kimanin 0.21. Shi ma ya tsallake, har ya fi na farko dacewa. Zato biyu masu saɓani, ƙirge ɗaya ya karɓe su duka.

Ba alƙalami ne zai raba wannan gardama ba, sai an sake shuka. Idan ƙwaya guda ce, duk jikan da ƙuduji ya kama rr ne, kuma 'ya'yansa kaf ƙuduji zai kama su. Idan tsarin 13 da 3 ne, biyu cikin ukun waɗanda aka kama suna ɓoye da ƙwayar juriya mai laɓewa, za ta kuwa bayyana a wasu daga 'ya'yansu. Shi ya sa masu kiwon iri ba sa tsayawa a F2. Suna bin zuriyar zuwa F3, suna kuma mayar da F1 kan kowane ɗaya daga iyayen, kowane mataki da rabon da ake tsammani da nasa kai-sikwaya. Hujja tana ƙarfi ne idan zato ɗaya ya tsallake dukansu.

Akwai kuma abin da ya kamata ya tsaya wa ɗalibar a rai ko da ta tsallake: kaucewar ta karkata ne wajen masu juriya. A gwajin ƙuduji wannan ɓangaren ne ake zargi, domin tsiro mai tsabtar saiwa iri biyu ne, wanda ya yi juriya da wanda ƙudujin bai same shi ba. Irin ƙuduji ba ya tsira sai ya kwana wasu kwanaki a ƙasa mai danshi da ɗumi, sannan ya ji sinadarin da saiwar wake ke fitarwa. Idan irin ya tsufa, ko ba a cakuɗa shi sosai ba, ko ruwa ya yi wa robar yawa, tsiron rr zai fito tas a rubuta shi mai juriya. Haka kuma wanda ya tsaya ga abin da ya leƙo saman ƙasa bai wanke saiwa ba, zai rasa waɗanda suka manne ba su fito ba tukuna. Hanyar ganewa ita ce a jera robobin shaida a tsakanin sauran, a shuka musu uwar da aka san ƙuduji na kamawa. Idan cikin shaidu 20 an samu 4 sun kuɓuta, to ɗaya cikin biyar na marasa juriya yana sulalewa. Ɗaya cikin biyar na 50 goma ne, kuma ga 160 da 40 sun fito ba tare da dokar Mendel ta motsa ba.

Hanya ta biyu da za ta kawo waɗannan alƙaluman ta fi wannan ɓoyuwa, tana kuma faruwa tun kafin a cika roba ko ɗaya. Barbarar wake aikin hannu ne mai laushi. Ana buɗe furen uwa tun yana ƙunshe, a cire sassan namiji da ɗan hantsaki kafin su fashe, sannan a shafa masa garin furen uba. Idan aka makara ko aka bar ɗaya, furen ya barbari kansa, kwanson da zai fito na uwar ne zalla. A ce B301 aka yi uwa, aka samu tsiron F1 goma, biyu a cikinsu na jabu ne, wato RR. Ba mai gane su ta fuskar ƙuduji, tunda su ma suna da juriya kamar na gaskiya. Aka ɗebi ƙwaya 20 daga kowane, aka zuba a kwano ɗaya. Biyun nan za su ba da 40 masu juriya duka. Takwas na gaskiya za su ba da 160, wanda uku cikin huɗunsa 120 ne. A haɗa 120 da 40: masu juriya 160, marasa juriya 40. Lissafi ya tsallake, gwajin kuwa gurɓatacce ne.

Rigakafin bai da tsada. A riƙa ajiye irin kowane tsiron F1 a ambulan ɗinsa, a rubuta ƙirgensa a layinsa. Gida mai tsiro 20 da babu ko ɗaya da ƙuduji ya kama abu ne da sa'a ke kawowa kimanin sau uku cikin dubu, saboda haka gida biyu irin wannan cikin goma sun isa su tona asiri. Dabarar da ta fi ita ce a mayar da mara juriya uwa, domin duk ɗan da ya fito daga barbarar kai ƙuduji zai kama shi tun a F1, a tumɓuke shi a huta.

B301 yana da wani labarin da ke nuna iyakar gwajin ta fuskar yawa. Ban da ƙuduji akwai ɗan'uwansa mai rawayan fure da masana ke kira Alektira, shi ma saiwar wake yake kamawa. Singh da Emechebe tare da I. D. K. Atokple sun wallafa a 1993 cewa juriyar B301 ga wannan ƙwayoyin gado biyu ne masu rinjaye ke ɗauke da ita, kowace ta isa ita kaɗai. Tsiro ba ya kamuwa sai ya rasa duka biyun, rabon jikoki ya zama 15 da 1. Wanda ya shuka robobi 48 don gwada wannan, uku kacal yake tsammani a ƙaramin rukuni. Teburin kai-sikwaya kuwa an gina shi ne a kan kintacen da ba ya tsayawa daidai idan tsammanin wani rukuni ya yi ƙanƙanta, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada ya gaza biyar. Ke nan mai neman 15 da 1 yana bukatar tsiro 80 a mafi ƙaranci, mai neman uku da ɗaya 20. Wannan lissafi tun kafin sayen robobi ake yin sa.

Idan hali biyu ake bi lokaci guda, rukuni huɗu ake samu da rabon 9, 3, 3, 1. Aikin bai canza ba, sai dai 'yanci ya koma uku, iyaka kuma 7.81. Misalin da ya shahara na Mendel ne, inda ya haɗa siffar ƙwaya da launinta ya ƙirga 315, 108, 101 da 32 cikin 556. Tsammani 312.75 ne, 104.25 sau biyu, da 34.75. Ba a zagaye waɗannan lambobi don babu rubu'in ƙwaya a duniya, haka ake barin su. Kai-sikwaya ya fito 0.47. Idan aka ga irin wannan gwaji ya faɗi alhali kowane hali shi kaɗai yana ba da uku da ɗaya, abin da ake fara zargi shi ne ƙwayoyin gadon biyu maƙwabta ne a kan zare ɗaya, suna tafiya tare. Haka William Bateson da Edith Saunders da Reginald Punnett suka ci karo da shi a Ingila a wajen 1905, lokacin da launin fure da siffar garin fure na wani waken ado suka ƙi rabuwa yadda Mendel ya ce.

Iyakar nan ta 0.05 al'ada ce da masana suka daidaita a kai, tana kuma da farashinta. Idan ɗalibai 40 suka yi gwajin jakar wake, kowa da gaskiyarsa, ana tsammanin kamar biyu za su haura 3.84. Bai kamata malami ya rage musu maki ba. Waɗanda ya kamata ya kira ofis su ne masu alƙaluman da suka yi kyau fiye da kima, kuma wannan ƙaddara ta faɗa wa Mendel kansa. A 1936 Ronald Fisher ya tattara gwaje-gwajen Mendel duka ya yi musu kai-sikwaya. Da adadin 'yanci 84, abin da ake tsammani daga sa'a jimilla ce wajen 84. Ya samu 41.6. Dacewa irin wannan, a lissafinsa, tana zuwa kimanin sau 7 ne cikin 100,000. Fisher ya kawo yiwuwar cewa wani mataimaki ne da ya san abin da maigidansa ke so ya riƙa gyara ƙirge. Wasu masana daga baya sun kare Mendel da bayanai dabam-dabam, har yau kuma ba a rufe muhawarar ba. Dokar da ya gano dai ta tsaya, domin an sake gwada ta a tsirrai da dabbobi ba iyaka, har da waken Samaru.

Yadda hannu ke karkata ba sai da niyyar ha'inci ba. Ɗalibar nan ta ɗago saiwa ta 187, ta ga wani ɗan kumburi da ba ta tabbatar ba ko ƙuduji ne ko ƙulun nan na saiwar wake da ke tara taki. Ta san marasa juriya sun yi mata ƙaranci, sai zuciya ta ce a sa shi can. Maganinsa a rubuta ƙa'idar ƙirge tun kafin a juye roba ta farko, a sa lamba a jikin robobi maimakon suna, mai wanke saiwa kuma kada ya san jimillar da ake ciki. Shi ma mai duba aikin ya nemi littafin ƙirge na asali, ya bi gida-gida. Gidaje goma masu tsiro 20 ya kamata su warwatsu, wannan 13, wancan 17, wani 16. Idan kowane layi ya nuna 15 da 5 cif, yiwuwar hakan ta hanyar sa'a kimanin ɗaya ce cikin miliyan tara.

Sai kuma a rubuta a rahoto inda aka samo irin ƙudujin da aka yi gwajin da shi. Ƙudujin wake jinsi-jinsi ne a Afirka ta Yamma, kuma B301 da ke tsayawa gaban na arewacin Nijeriya yana faɗuwa gaban wanda aka samu a Zakpota ta Jamhuriyar Benin. Da ƙudujin Zakpota ɗalibar ta cakuɗa ƙasarta, babu uku da ɗayan da za ta gani, domin uwa da uba da jikoki duk za su kamu. Rabon da ta samu na wannan barbarar ne, a gaban ƙudujin da ta tara daga gonakin Potiskum, kuma sunan ƙauyen da shekarar tarawa su shiga shafi ɗaya da 160 da 40.